Lissafin PERT ko gwajin Monte Carlo: wanne za ka dogara da shi kafin ka sa hannu a kan ranar gama aiki?

Tambayar da mai aiki kan yi wa manajan aiki gajera ce: "Za a gama kafin rana kaza?" Jadawalin da aka saba zanawa yana amsawa da rana guda, kamar kowane aiki zai ci daidai kwanakin da aka rubuta masa. Amma aikin da aka ce kwana goma yana iya ƙarewa a takwas, yana iya jan ƙafa har sha takwas. Don haka amsar gaskiya ita ce "yiwuwar hakan kashi kaza ce cikin 100". Hanyoyi biyu aka fi bi wajen fitar da wannan adadi, kuma sau da yawa ba sa ba da amsa ɗaya.

Ta farko ita ce PERT, wadda rundunar sojan ruwan Amurka ta ɓullo da ita wajen 1958 don shirin makamin Polaris. Lissafi ne da za ka yi da biro da takarda. Ta biyu ita ce gwajin kwaikwayo na Monte Carlo, dabarar da Stanislaw Ulam da John von Neumann suka assasa a Los Alamos cikin shekarun 1940, wadda Richard Van Slyke ya nuna yadda za a yi amfani da ita a kan jadawalin aiki a 1963. Abin da ake ba su biyun iri ɗaya ne: ƙiyasi uku ga kowane aiki, wato mafi ƙarancin kwanaki idan komai ya tafi daidai, kwanakin da aka fi zato, da mafi yawa idan abubuwa suka cuɗe. Inda suka rabu shi ne abin da kowace ke yi da alƙaluman.

A ɗauki misali guda a bi shi har ƙarshe. Ana son girka sabon inji a wata masana'anta, kuma masu girkawa za su iso a rana ta 42. Kafin su iso dole abu biyu su kammala: ɗakin da injin zai zauna, da isowar injin kansa. Hanyoyin biyu suna tafiya lokaci guda, kowace da mutanenta.

| Aiki | Ƙaranci | Mafi zato | Mafi yawa |
|---|---|---|---|
| Tono da harsashi | 8 | 10 | 18 |
| Gini da rufi | 14 | 20 | 32 |
| Wayoyin lantarki | 5 | 7 | 15 |
| Ƙera injin | 18 | 22 | 38 |
| Jigila da kwastan | 8 | 12 | 28 |

Ukun farko su ne hanyar gini, biyun ƙarshe hanyar inji. Wanda ya tara kwanakin da aka fi zato kawai zai samu 37 a gini, 34 a inji, ya ce akwai rarar kwana biyar kafin rana ta 42, ya kwanta da hankalinsa. Za mu ga inda wannan 37 ɗin za ta faɗa.

PERT tana fara ne da fitar da matsakaicin kowane aiki, tana ba wa ƙiyasin tsakiya nauyi huɗu, sannan ta auna yadda kwanakin ke bazuwa:

```
matsakaici = (a + 4m + b) / 6
bazuwa     = (b - a) / 6
```

Tono da harsashi ya zama kwana 11, gini da rufi 21, lantarki 8, jimla 40. Ƙera inji 24, jigila 14, jimla 38. Tun a nan kwana uku sun ƙaru a kan 37 ɗin nan, saboda kowane aiki ya fi samun filin yin latti a kan filin yin wuri: harsashi zai iya ragewa da kwana biyu kacal, amma zai iya ƙaruwa da takwas.

Daga nan PERT sai ta zaɓi hanya mafi tsawo, wato gini, ta manta da ɗayar. Bazuwar ayyukan ba a tara ta kai tsaye. Ana ninka kowace da kanta, a tara, sannan a ɗauki tushen jimlar: 2.78 da 9 da 2.78 sun ba da 14.56, tushensa kuwa 3.82. Rana ta 42 ta wuce matsakaici da kwana biyu, biyu a raba da 3.82 ya ba da 0.52. A duba wannan a Excel da `NORM.S.DIST(0.52,TRUE)`, amsa ta fito kusan kashi 70 cikin 100. Ta wannan lissafi, in kana son tabbacin kashi 80, rana ta 43 da ɗan ɗoriya ta wadatar.

Monte Carlo ba ta zaɓar hanya tun farko. Kwamfuta ce ke "gudanar" da aikin sau dubbai, kowane zagaye tana jefa wa kowane aiki adadin kwanaki tsakanin iyakokinsa, inda kwanakin da ke kusa da mafi zato suka fi yawan fitowa. A wani zagaye harsashi ya ci 9.4, gini 23.1, lantarki 7.8, ɗaki ya kammala a 40.3. A zagayen nan kuma ƙera inji ya ci 27.5, jigila 16.2, inji ya iso a 43.7. Ranar da komai ya kammala ita ce 43.7, an makara, kuma ba laifin gini ba ne. A zagaye na gaba ɗaki ya ƙare a 38.5, inji ya iso a 35, an cika alkawari. Bayan zagaye 10,000 sai a ƙirga sau nawa aka gama a rana ta 42 ko kafinta. Ga shi a taƙaice da Python:

```python
import numpy as np
rng = np.random.default_rng()
def pert(a, m, b, n=10000):
    al = 1 + 4*(m-a)/(b-a)
    be = 1 + 4*(b-m)/(b-a)
    return a + (b-a)*rng.beta(al, be, n)
gini = pert(8,10,18) + pert(14,20,32) + pert(5,7,15)
inji = pert(18,22,38) + pert(8,12,28)
gama = np.maximum(gini, inji)
print((gama <= 42).mean())
print(np.percentile(gama, [50, 80, 90]))
```

Amsar da za ta fito kusan kashi 55 ce, ba 70 ba. Alƙaluma ɗaya aka ba hanyoyin biyu, amma maki goma sha biyar sun salwanta a tsakani, kuma kusan gabaɗaya a layin `np.maximum` suka tafi.

Dalilin yana da sauƙin gani. Hanyar inji ta fi gajarta da kwana biyu a matsakaici, amma ta fi bazuwa: ma'auninta 4.71 ne. Yiwuwar injin ya iso kafin rana ta 42 kusan kashi 80 ce. Masu girkawa kuwa suna buƙatar abu biyun tare, kamar motar haya da ba ta tashi sai fasinjan ƙarshe ya shiga. Idan hanyoyin ba su dogara da juna ba, sai a ninka: 0.70 sau 0.80 ya ba da 0.56. Wurin da ɗaya ta yi ba ya biyan lattin ɗayar, don in ɗaki ya kammala a rana ta 36 inji bai iso ba, jira kawai za a yi. Wannan shi ne kuskuren mahaɗar hanyoyi, kuma kullum gefe ɗaya yake karkata: yana sa PERT ta yi alkawarin da ya wuce ƙarfinta. Yana ƙara muni ne da yawan hanyoyin da ke haɗuwa. Hanyoyi biyar da kowace ke da kashi 80 in sun haɗu a mataki ɗaya, yiwuwar su cika duka ba ta wuce kashi 33 ba.

Gwajin yana kuma faɗin abin da PERT ba ta iya faɗa: a kusan zagaye 37 cikin kowane 100, inji ne ya riƙe aikin, ba gini ba. Hanyar da jadawali ya nuna tana da rara ita ce ke jawo latti fiye da sau ɗaya cikin uku. Manajan da ya tattara hankalinsa duka a kan magina ya bar ƙofa a buɗe.

To yaya ake karanta sakamakon? Manhajojin wannan aiki suna zana shi a matsayin layi mai lanƙwasa kamar harafin S: kwanaki a ƙasa, yiwuwar gamawa a gefe. Ana karanta shi ta fuska biyu. In kana da ranar da aka ɗora maka, ka tashi daga ranar zuwa sama ka ga kashi nawa ta samu. A misalinmu rana ta 37, wadda aka samu ta tara "mafi zato", tana da kusan kashi 11 kacal. Rana ta 40, matsakaicin PERT da ya kamata ya zama rabi da rabi, tana da kusan 35. Rana ta 43 da PERT ta ce ta kusa kashi 80 tana da wajen 65. In kuma kai ne za ka ba da rana, sai ka tashi daga yawan tabbacin da kake so ka sauko zuwa kwanaki. P50, wato ranar da ke da tabbacin kashi 50, tana faɗawa tsakanin rana ta 41 da ta 42, P80 a rana ta 45, P90 a rana ta 47.

P80 ba ta nufin za a gama a rana ta 45. Tana nufin cikin zagaye biyar, huɗu sun ƙare a ranar ko kafinta, ɗaya kuma ya wuce, ba tare da ta faɗi da kwana nawa ya wuce ba. Wannan sai a duba wutsiyar layin. Tazarar da ke tsakanin P50 da P80, kwana uku zuwa huɗu a nan, ita ce ajiyar lokaci da ya kamata a ware a fili a ƙarshen jadawali, maimakon a cusa ta a ɓoye cikin kowane aiki inda za ta narke ba a sani ba. Wace P za a ɗauka ya danganta da abin da latti zai jawo. Ranar da ma'aikata ke kora a tsakaninsu tana iya zama P50. Ranar da za a rubuta a kwangila mai tarar latti, ni ba zan yarda ta gaza P80 ba.

Zuwa nan kamar Monte Carlo ta yi nasara ba tantama. Sai dai tana da nata raunin, kuma ya fi na PERT haɗari domin ba a ganinsa: sakamakon yana fitowa da zane mai kyau da alƙaluma masu ɗigo, sai a ɗauka gaskiya ce tsagwaronta.

Babbar matsalar ita ce siffar da aka zaɓa wajen jefa kwanakin. Lambar da ke sama ta yi amfani da siffar beta, wadda ke tara yawancin zagaye kusa da mafi zato. Manhajoji da yawa suna ba da siffa mai kusurwa uku, wadda matsakaicinta shi ne `(a + m + b) / 3`, kuma ta fi ba wa munanan ranaku nauyi. Da ita, hanyar gini ta koma kwana 43, ta inji 42. Yiwuwar cika rana ta 42 ta faɗo daga 55 zuwa kusan 23, P80 kuma ta tashi daga rana ta 45 zuwa wajen ta 50. Ba a taɓa ko ɗaya daga cikin ƙiyasin ba, zaɓi guda aka canja a akwatin manhaja. Wace ce daidai? Ya danganta da abin da mai ƙiyasi yake nufi da "mafi yawa". In da ya ce 18 yana nufin iyakar da bai taɓa ganin an wuce ba, beta ta dace. In kuwa yana nufin irin lattin da yakan gani lokaci-lokaci, to 18 ba iyaka ba ce ma, kuma mai kusurwa uku ta fi kusa da gaskiya. Mutane sun fi yawan ƙuntata iyakokin ƙiyasinsu fiye da faɗaɗa su, shi ya sa idan ba ni da bayanan ayyukan baya na fi son in gwada duka biyun in nuna wa mai aiki tazarar. Duk rahoton da ya ba ka kashi kaza bai faɗi siffar da aka yi amfani da ita ba, ka tambaya kafin ka karanta sauran.

Ta biyu ita ce ɗaukar cewa ayyuka ba su shafi juna ba. PERT da gwajin da muka yi duk sun ɗauka haka. Amma idan ɗan kwangila ɗaya ne ke yin harsashi da gini da lantarki, kuma ma'aikatansa ba su isa ba, ayyukan uku tare za su yi latti. Kwamfutar da ba a gaya mata haka ba za ta riƙa haɗa lattin wannan da wurin wancan, su kashe juna, layin S ya fito a tsaye kamar babu haɗari. A iyakar lamarin, inda ukun ke tafiya tare ɗari bisa ɗari, bazuwar hanyar gini ba 3.82 ba ce, 1.67 da 3 da 1.67 ne a tare, wato kusan 6.3. Alamar da ake gane wannan kuskure ita ce jadawali mai ɗaruruwan ayyuka na tsawon shekara biyu ya ba da tazarar 'yan kwanaki tsakanin P10 da P90. Babu aikin da ke da irin wannan tabbaci. Bambancin shi ne Monte Carlo tana da inda za a saka alaƙar, PERT ta gargajiya ba ta da shi.

Akwai kuma abubuwan da ko dai su faru ko kar su faru, waɗanda ƙiyasi uku ba ya ɗauka da kyau. A ce akwai yiwuwar kashi 20 a riƙe injin a tashar jiragen ruwa saboda takardu, kuma in an riƙe, kwana 10 ne. Ba a warware wannan da ƙara kwana biyu a kan jigila, domin ba za a taɓa yin lattin kwana biyun ba: ko sifili ko goma. A gwaji sai a jefa ƙuri'a a kowane zagaye, ɗaya cikin biyar ya ɗauki kwana goman. Da wannan kaɗai, yiwuwar rana ta 42 ta sauka daga 55 zuwa kusan 45.

Yawan zagaye, wanda mutane suka fi damuwa da shi, shi ne mafi ƙanƙantar matsala. Da zagaye 1,000 amsar kashi 55 tana iya yawo da maki uku sama ko ƙasa, da 10,000 kuma maki ɗaya. Ƙari a kan haka ba ya gyara ƙiyasin da aka yi shi da ka. Abin da ya fi cancantar a ɓata lokaci a kansa shi ne jadawalin kansa. Aikin da ba a ɗaure shi da wanda ke binsa ba, lattinsa ba zai isa ƙarshe ba komai tsawonsa. Ranar da aka kafe da hannu a tsakiyar jadawali tana haɗiye duk jinkirin da ya zo gabanta. A kuma tabbatar ko kwanakin aiki ake ƙirgawa ko na kalanda, don kwana 45 na aiki a mako mai kwana biyar makonni tara ne cur.

Ga yadda zan zaɓa. PERT ta isa idan aikin jeri ɗaya ne, wannan na bin wancan, ko kuma hanya mafi tsawo ta yi wa sauran nisa sosai. Gwajin da za ka yi da hannu shi ne ka lissafa yiwuwar kowace hanya daban a kan ranar da ake so. In duk sauran sun haura kashi 97 ko 98, ninka su ba zai canja komai ba, amsar PERT tana nan daram. In hanyoyi biyu ne ko uku da ba su haɗa wani aiki ba, kamar namu, ninkawar da hannu ta ba da 56, kusa ƙwarai da 55 na kwamfuta, kuma wannan ya wadatar a zauren taro. Amma da zarar hanyoyi sun fara rabuwa suna sake haɗuwa a wurare da yawa, ko suna raba ayyuka da ma'aikata, ko akwai haɗarin "ko ya faru ko kar ya faru", ninkawa ta daina aiki, sai Monte Carlo. Ba sai an sayi manhaja mai tsada ba: ga jadawali mai ayyuka ashirin ko talatin, `BETA.INV(RAND(),alpha,beta,A,B)` da `MAX` da `COUNTIF` a Excel sun isa.

Inda bambancin ya fi taɓa aljihu shi ne lokacin da aka ce kashi 55 bai isa ba, a nemo inda za a kashe kuɗi a rage kwanaki. Mai bin PERT zai ƙara magina ya rage kwana biyu a gini, lissafinsa ya nuna masa kashi 85. Gwaji zai nuna kusan 66. In an rage kwana biyun a hanyar inji maimakon gini, a samu wajen 61, in an rage a duka biyun, kusan 73. Kuma ko da an rage kwana goma a gini, ba za a wuce kashi 79 ba, domin wannan ita ce yiwuwar injin ya iso kan lokaci, kuma magina ba su da iko a kanta. Wanda ke son kashi 80 a wannan aiki yana da zaɓi biyu: ya taɓa hanyoyin biyu tare, musamman dogon jiran jigila da ke iya kaiwa kwana 28, ko ya kira masu girkawa ya ɗaga zuwansu zuwa rana ta 45.